Takardar da na liƙa da hannuna

Shekarar nan ta ba ni wuya, kuma ba yunwa ba ce, takarda ce guda ɗaya.

A zamanin Nasara ne, ina aiki a ɗan farmasin da ke kusa da kasuwar Dakoro. Mai shi tsohon ma'aikacin gidan likita ne daga Maraɗi, muna ce mishi Majo. Shekara shida ni ke shara, ni ke sauke kwali in mota ta zo, ni ke ƙunsa kinin da asfirin a takarda. In Majo ya tafi Maraɗi, ni ke saidawa. Ban yi lakwal ba, wato makarantar boko, allo kawai na ɗan taɓa. Magani kuwa na san shi da launin kwali da wari da wurin zamanshi.

Wata rana likitan Nasara ya zo dubawa. Ya miƙo mini takardar magani irin wadda suke rubuta wa marar lafiya, ya ce in karanta. Na riƙe ta ina kallo. Ya juya ya yi wa Majo faɗa da Faransanci, ya fita.

Bayan kwana uku Majo ya dawo daga biro, ofishin Nasara, da takarda uku bugun keke. Ya ce tunda mutanen gari ba su jin Faransanci, in sa fassara da ajami a ƙarƙashi. Yana faɗa ina rubutawa, da tawadar da na aro wurin liman:

“Ana neman mai saida magani a farmasi. Ya kasance yana da sartifika ta lakwal, ya iya karanta takardar likita, ya iya lissafi, yana jin Hausa, bai wuce shekara talatin ba. Mai so ya rubuto wasiƙar neman aiki da hannunshi, ya haɗa da takardar haihuwa, ya kawo farmasi kafin kasuwa biyu.”

Na aje alƙalami na ce, “Majo, ai aikina ne wanga.”

Ya ce, “Aikinka tsintsiya, tsoho. Ita ba wanda ya nemi ta karanta komi.”

“In ya zo, ni fa?”

“Ɗaki ɗaya ne. Ka ga wurin mutum uku a nan?”

Ni na dama ƙullu na liƙa su, ɗaya a ƙofar farmasi, ɗaya a tasha, ɗaya jikin iccen da mahauta ke zama. Wani mahauci ya ce, “Ashe kai ke shelar mutuwarka?” Na ci gaba da liƙina. Ina da iyali bakwai a gida, kuma gonata na bar wa ƙanena a Sabon Maci tun da na zo gari.

Sai na ce ni ma bari in nema. Ai ba a rubuta ban da ni ba, sai dai shekaru, shekaru kuwa wa ya san nawa ne? A lokacin duk mai son magana da biro wurin mutum ɗaya yake zuwa, wani gurgu mai tebur a gindin iccen bedi, shi ke rubuta wa kowa wasiƙa. A wurinmu in ka faɗa, aka rubuta, ka dangwala yatsa, to hannunka ne. Na faɗa mishi shekara shidana, ya rubuta da kyau, na dangwala.

Ranar da wa'adi ya cika Majo ya baje wasiƙa biyar bisa tebur, ya kira ni.

“Zo ka ga abin mamaki. Mutum huɗu, hannu ɗaya. Ko gurgun zan ɗauka?”

Ya ɗaga tawa da yatsa biyu. “Kai ka rubuta ‘da hannunshi’ da alƙalaminka. Me ka zaci ake nufi?”

Na ce, “Ga yatsana nan.”

“Ba yatsa nake so ba. Rubutun mutum nake son gani, in san ko zai iya karanta na likita. Marar lafiya zai kawo takarda, kai ka shinshina kwali?”

“Shekara shida ina shinshinawa. Wa na kashe maka?”

“Ba ka kai gare shi ba tukuna. In ka kai, ni za su rufe, ba kai ba.”

Na ce, “Lokacin da kake kwana goma a Maraɗi wurin abokanka, ba ka tambayi sartifikata ba.”

Ya ce in fitar mishi daga ɗaki. Na ce sai na gama ƙunsa abin da na fara, kuma na gama, ƙunshi ashirin, yana tsaye kaina yana huci.

Wasiƙa ta biyar ta wani magidanci ce daga Korahane, wanda ya yi lakwal a Maraɗi ya dawo kiwo. Rubutunshi duk a karkace, amma nashi ne. Shi aka ɗauka. Da la'asar ya zo, ya gaishe ni har ƙasa, ya ce, “Baba, ko za ka nuna mini inda komi yake?” Na ce mishi ya karanta.

Na san Majo yana da gaskiya a kan takardar likita. Har yau ban yafe mishi sa ni rubutun ba. Da ya ba liman ya rubuta.

Da gari ya waye na ce wa uwar yarana ta fara ɗaure kaya. Na ɗauki hauyata da goran ruwa, na kama hanyar Sabon Maci a ƙasa, in je in roƙi ƙanena rabin gonata kafin ruwan shuka.