Sarkin da Na Ƙi Ɓoyewa

Ni tela ne a Isa, kuma da dara na tashi. Ces kam, darar Turawa, sai da na yi furfura na gan shi, a hannun wani Alhaji Ba'adare mai kawo kaya daga Nijar. Duk ranar kasuwa in ya sallami mutanensa sai ya shigo shagona, ya ture yadi gefe, ya shimfiɗa allon a kan teburin yanka. Shi ya nuna mini tafiyar doki da bishof da hasumiya, sannan ya shiga lallasa ni ba tausayi.

Hanyarsa ɗaya ce. Ya tura sojan gaban sarki, in tura nawa, sai ya cillo sarauniya can gefen allo. Ran farko na tura soja in kore ta, ta cinye sojana na tsakiya, ta tsare sarki, ta wuce da hasumiya. Mako na biyu ya haɗa ta da bishof, suka auna sojan da ke kusa da sarkina, wanda ba mai gadinsa sai sarkin. Taku huɗu, wasa ya ƙare. Wallahi ranar ko ɗinki ban iya ba don haushi.

"Malam tela," in ji shi, "bar bin sarauniya da gudu. Dubi abin da take nema, ka tsare shi da ɗan da dama kake son fitarwa. Dawaki su fito, bishof ya fito, kar ka taɓa ɗa ɗaya sau biyu ba dalili. In hanya ta buɗe, ka yi rok."

Rok, da bakinsu na Faransanci, shi ne sarki ya matsa gida biyu wajen hasumiya, ita ta tsallako ta tsaya gefensa. Sauran duk na ɗauka, wannan kam na ƙi. Ni Bagobiri, in ɗauki sarki in cusa shi lungu ana tsakiyar yaƙi? Na ce masa namu sarakunan a gaba suke tsayawa. Ya yi dariya har da tari. Haka na riƙa tsira daga taku huɗun, amma da sojojin tsakiya sun ci juna sai layi ya buɗe a kan sarkina, a kashe shi tsaye. In na so ɓoye shi daga baya, ko dai an riga an tilasta masa motsi, ko yana cikin tsarewa, doka kuwa ta hana rok a duka biyun.

Wata rana ya ce ya bar fatauci, gwiwa ta ƙi, mako mai zuwa ne zuwansa na ƙarshe. "In ka kai taku ashirin sarkinka na da rai, allon naka ne. In ba haka ba in koma da abina." Ni kuwa ban san wani mai allo ba a garin. Na ce, "Za ni kai, Alhaji." Makon nan da maɓallai na yi ta gwaji a kan kwali.

Ranar ya zo, ya ajiye maɓalli ashirin gefe don ƙirga. Sarauniya ta fito kamar kullum. Na fitar da dokin ɓangaren sarauniyata ya tsare sojan tsakiya. Ya kawo bishof, sai yanzu na tura sojan nan na ran farko na tare mata hanya, tunda ba abin da za ta ci. Ta ja baya ta sake auna wuri ɗaya, na sa ɗaya dokin a gabanta. Ya fitar da doki, na shigar da bishof gidan da sojan ya bari. Shi ya ɓata taku biyu kan sarauniya, ni 'ya'yana uku suna waje.

Tsakanin sarkina da hasumiya ba kowa. Hannuna ya tafi kan doki, don na ga inda zai tsokani sarauniyar, kuma raina na so ƙwarai. Alhaji ya juya yana kallon titi. Na janye hannun tun bai taɓa ba. Na kama sarkin, kunya na cina kamar an kama ni ina gudu daga faɗa, na kai shi lungun, na tsallako da hasumiya.

"Mi ya faru da Gobir?" ya ce.

"Yi wasanka, Alhaji."

Ya buɗe tsakiya kamar yadda ya saba, bai tarar da kowa ba. Maɓallai suka ƙare muna bugawa. Ya ci ni dai, can wajen taku arba'in, bayan na yi sakaci da doki. Ya miƙe da kyar, ya rataya jakarsa. Na fara tattara masa 'ya'yan cikin gwangwaninsu, don hannu ya saba.

"Wa kake tara wa?" ya ce. Ya fita ya nufi tasha, ni ina tsaye riƙe da gwangwani, ban ko yi masa Allah ya kiyaye hanya ba.