Ɗaki Da Falo, Banɗaki A Ciki

Anti Tela ake kiranta a layinsu, kuma ita ma ta daina amsa wani sunan. Tun da mijinta ya rasu take zaune a ɗaki ɗaya cikin wani gidan haya mai yawan jama'a, keken ɗinki a bakin taga, katifa a jingine da bango. Macen da za ta kalli mutum sau ɗaya ta san yadi nawa zai ishe shi ce, ba a cin kwabonta a kasuwa. Amma kowane gwani da inda ake kayar da shi.

Abin da ya tashe ta daga gidan, banɗaki ne. Guda ɗaya ne tal ga kowa da kowa, ƙofarsa langalanga, ƙasansa kullum a jiƙe da abin da ba a tambaya. Ita dai ta saba toshe hanci. Sai ƙafafun Inna, mahaifiyarta, suka ƙi, Innar ta dawo hannunta da zama. Ranar da ta ga tsohuwar nan dafe da bango tana bin layi da buta, wani ƙato a ciki yana waya, ta rantse sai ta sama mata banɗaki nata na kanta.

Dillalin da aka haɗa ta da shi mutum ne mai turare da yawa da tarin makullai a ɗamara. Kafin ya ɗaga ƙafa sai da ya karɓi kuɗin zuwa gani. Ya kai ta wani bene, ya buɗe ɗaki da falo a ƙasa, ya ja ruwan masai ya zubo shaa, ya waiwayo yana murmushi.

"Hajiya, dubu ɗari uku da sittin a shekara. Wallahi don ke ce."

A tsaye ta raba: talatin a wata. Bayan ci da maganin Inna, ɗinki yana bar mata arba'in. Har da canjin goma. Ta sayar da keken surfaninta, ta kwashi adashi, ta tafi biya.

Nan aka fara yanka ta a hankali. La'adar dillali, kashi goma cikin ɗari, dubu talatin da shida. Takardar yarjejeniya, wani talatin da shidan, wai na lauya, lauyan da ba ta taɓa ganin ko takalminsa ba.

"Malam, kai ba mai gida ne ya sa ka ba? Shi zai biya ka mana."

"Haba Hajiya, ai wanda ya shiga mota shi ke biyan kuɗin mota."

Ta biya, tana cewa a ranta ai sau ɗaya ne.

Ba su gama jera kaya ba mai kula da gidan ya yi sallama. Wani ramamme ne da tsinken sakace a baki, ko zama bai yi ba. Ya ce kuɗin hidima dubu goma ne duk wata: maigadi, kwasar shara, fitilar tsakar gida, injin jan ruwa.

"Wane kuɗin hidima? Ba wanda ya faɗa mini."

"Yana cikin takardar da kika sa wa hannu. Shafi na baya."

Yana ciki kuwa, da ƙananan baƙaƙe kamar ƙwan kwarkwata. Ta kira dillali, ya ce ai ita ba ta tambaya ba. Daga ranar wayarsa ta daina shiga.

Hidimar kuma abin a tofar da yawu ce. Maigadin barci yake daga azahar. Shara ta taru a bakin ƙofa har ƙudaje sun san kowa. Injin ruwa ya ƙone tun watan farko, aka ce ana jiran mai gida, mai gida kuma yana wata ƙasa. Sai sayen ruwa a jarka daga masu kura, dubu biyar ba ta kai ta ƙarshen wata sai da dabara. Amma ranar ɗaya ga wata, mai tsinken sakace ba ya makara.

Wuta ce ta ƙarasa ta. Mita ɗaya ce ga gidan duka, kuma ba da yawan ɗakuna ake raba kuɗin ba, da kaso ake yi: ana shiga ɗakin kowa a ƙirga kayan wutarsa. Aka shigo mata har ƙurya, ana leƙa ƙarƙashin gadon Inna. Dutsen guga kaso biyu, keken ɗinki mai aiki da wuta kaso ɗaya, fitilu da fanka ɗaya. Dubu tara aka yanka mata. Ta ce gugar ɗinki ai shafa ce, ba wuni take yi ba. Aka ce dutse dutse ne. Mutumin sama kuwa, ranar ƙirga ya tura firijinsa gidan ƙaninsa, kowa ya gani, ba wanda ya tanka domin abokin mai kula da gidan ne.

Wata safiya, bayan wata uku tana cin bashin zare, ta ɗauki allin ɗinki ta rubuta a kan teburin yanka. A fili take faɗa, halin wanda ya daɗe yana zaune shi kaɗai.

"Haya talatin. Dillali da takarda saba'in da biyu, a raba wata goma sha biyu, shida. Hidima goma, arba'in da shida ke nan. Wuta tara. Ruwa biyar." Ta ja layi. "Sittin. Innalillahi! Sittin nake zaune, ni da ke da arba'in."

Ta sake bi daga ƙasa zuwa sama, sittin ɗin bai rage ko ɗaya ba. Ko ta cire shidan da ya riga ya tafi, ta cire hayar da ta biya, ashirin da huɗu na fita duk wata, kuma ga hayar baɗi da ya kamata a ce tana tara talatin-talatin. Fita kuma ba ta yiwuwa, don ba mai mayar mata da kuɗin shekara, sabon gida kuma sabon dillali. Takaici ya cika ta, na su da na kanta. Ita da ba ta taɓa yanka yadi ba ta bar na kalmasa ba, ta shiga gida da lissafin haya tsirara.

Ta ƙara karɓar aiki, har facin da da take rainawa. Kanta a kan keke, ba ta lura da wuri ba cewa Inna ta sauya. Tsohuwar ta yi shiru, leɓunanta sun bushe, abinci cokali biyu ta ture. Ta ɗauka zazzaɓi ne. Sai ranar da ta zo cika mata kofi ta tarar na jiya yana nan yadda ta ajiye shi, ƙura ta kwanta a kai. Ta leƙa banɗaki. Tas yake, a bushe, jarkar da ta kai wa Inna shekaranjiya ba a taɓa ba.

"Inna, yaushe rabonki da shan ruwa?"

"Ina ɗan kurɓa."

"Inna!"

Tsohuwar ta kau da kai wajen bango.

"Na ji ki ran nan kina lissafi, ƴar nan. In na sha sai na zaga, in na zaga sai an kora da bokiti guda. Ni kuwa ba abin da zan iya rage miki sai wannan."