Rabin Cokalin Luba

Duk wanda ya tashi a Dukawuya ya san Luba mai kastat. Doguwa ce, mai faɗa kamar me, amma hannunta albarka. Tun tana amarya take dama garin kastat da madara, ta zuba a ƙananan kofuna ya daskare, ana ɗauka gidajen suna da walima. Ƙa'idarta ɗaya ce: kowane kofin madara, cokali biyu na gari. Madara ta ƙaru, gari ya ƙaru, ta ragu, ya ragu. Da madara mai sanyi take fara kwaɓa garin don kada ya yi gudaji, sannan ta juye cikin mai zafi tana juyawa har ya tafasa. Yarinyar da ta zo koyo ta kuskure awo, sai ta gwammace kiɗa da karatu.

Mijinta, Malam Nata'ala, maɗinkin hula ne, mutum mai sanyi wanda ba ya son a zubar da ko ƙwayar shinkafa. Allah bai ba su haihuwa ba. Shekara da shekaru suna zaune, ita tana faɗa, shi yana murmushi.

A shekarar da soja suka miƙa mulki, gari ya cika da walimar 'yan siyasa, ana ta aiko wa Luba da aiki, ciwon maƙogwaro ya kama Malam. Tuwo ya daina wucewa. Ruwa kuma da koko mai tsinkewa sai su sarƙe shi, ya yi ta tari har idonsa ya kawo ruwa. Abin da yake iya haɗiyewa kawai shi ne kastat ɗin Luba, mai laushi, ba kauri ba ruwa. Ta sallami masu aike, ta koma dama kofi ɗaya tak.

Da farko yana shanyewa. Bayan dawowarsu daga asibiti karo na ƙarshe, inda likita ya ce a je gida a ci gaba da addu'a, sai ya fara barin rabi. Ragowar ba ta ajiyuwa, don kastat ɗin da cokali ya shiga baki ya koma cikinsa tsinkewa yake yi. Malam ya ce ta riƙa dama rabin kofi.

Ta auna rabin kofin madara. Amma da ta zo kan gari, sai ta zuba cokali biyu cur. Abu ya fito kamar tuwon jiya, cokali na tsayawa a ciki. Ta yi tsaki, ta ɗumama madara tana ƙarawa tana bugawa har ya saki, sai ga kofi ya cika kamar da. Ta kai masa. Ya dubi kofin. Saboda ƙin ɓarna ya tilasta wa kansa, ya wuce inda cikinsa zai ɗauka, ya amayar da duka, ya wuni ba komai a cikinsa.

Washegari haka, jibi ma haka. Maƙwabciyarta Husaina ta leƙo kicin ta gani, ta riƙe haɓa.

"Yaya Luba, ke da kike koya mana? Rabin kofi ai cokali ɗaya ne."

"Na sani," in ji Luba, ba ta ɗago ba. "Hannuna ne ya ƙi."

Gaskiya ta faɗa. Rage madara tana iya cewa tattali ne, amma rage garin a wurinta yarda ce da abin da likita ya faɗa. Tsoro ne ya cika ta, ita da ba ta taɓa tsoron kowa ba.

Ranar Juma'a da hantsi Malam ya sa ta kawo risho ƙofar ɗaki, wai yana son jin ƙamshi. Yana kwance yana kallo ta auna madara, ta zuba cokali na farko, ta sake nutsa cokalin a gwangwani.

"Luba," ya ce, muryarsa da ƙyar take fita. "Mayar da wannan."

"Malam, ko za ka daure ka ƙara? Jiya ma ai ka..."

"Jiya amai na yi. Yunwa nake ji, Luba. Ki ba ni abin da zan iya."

Ta tsaya da cokali a hannu. Can ta karkaɗe garin ya koma gwangwani. Ta kwaɓa, ta juye, ta rage wuta don ƙaramin damu ba ya jimirin zafi. Ya fito sumul, irin wanda ya yi mata suna. Ta bari ya huce, ta tallafo kansa tana ba shi, hawaye na zuba tana sharewa da gefen mayafi. Bai sarƙe ba, bai yi amai ba, ya shanye tas.

"Alhamdu lillahi," ya ce, ya lumshe ido. "Yau na ƙoshi."

Ta tashi za ta wanke kofin, ya riƙo bakin zanenta.

"Gobe rabin wannan za ki yi. Nawa ne garinsa?"

Luba ta dubi kofin da ke hannunta. Da ƙyar ta ce, "Rabin cokali, Malam."