Mako Uku Ina Suyar Awarar Wata

Shekara talatin ina suyar waina a Makera kafin in taka ƙofar banki. Injin markaɗe nake so, don na gaji da bin layi a gidan mutane. Ma'aikacin ya ce, "Mama, kina da takardar fili?" Na ce filina shi ne inda murhuna yake zaune. Ya yi dariya, na dawo hannu rabbana.

Sai ga wani ƙaramin banki ya shigo unguwa, su ba ruwansu da jingina. Ku haɗu ku biyar, kowacce ta tsaya wa sauran. A fara ba ku kaɗan, kuna biya duk Alhamis da ɗan abin da suka ɗora. In kun gama lafiya, a ƙara muku mai kauri. In ɗaya ta gaza kuma ba ku cike mata ba, an rufe wa kowa. Injina yana cikin zagaye na biyu.

Muka haɗu mu huɗu, ni aka bar wa zaɓen ta biyar. Wata Hajiya mai leshi ta so shiga, na ƙi, don na sha ganin tana ɓuyar wa dillaliya mai bin ta bashi. Na ɗauko wata 'yar Kafanchan mai awara daga Trikania. Ta taɓa aron rariyata, ta dawo da ita a wanke ranar da ta ce. Wane banki ne zai san wannan?

Saura mako uku mu gama, keke napep ya buge mai awarar, ƙafa ta karye. Muka duba, babu mai rarar da za ta biya mata har sau uku. Na ce to kaskonta ba zai huce ba. Ɗaya ta jiƙa waken suya ta kai markaɗe, biyu su tace su dafa, ni kuma matsa da suya, da yamma bayan na tashi daga waina.

Ranar farko na yi gaggawar ɗage dutsen da ake danne awara da shi. Tana shiga mai ta watse. Wani kafinta ya leƙa kasko ya ce, "Mama, awara ce ko fate?"

Na ce, "In ba ka ci, matsa, ɗan nema!"

Washegari mai awarar ta sa aka shimfiɗa mata tabarma kusa da ni. Ina kai hannu kan dutse sai ta ce, "Mama, bari! Ba waina ba ce." Ni da na aurar da jikoki, ga ni ana koya mini suya.

Alhamis uku jami'ar bankin tana zuwa, kason mai awara yana fitowa daga cinikin awara, ba gibi.

Muka gama lafiya, aka ba mu zagaye na biyu. Da injin ya iso, waken mai awarar na fara markaɗawa. Ta dogaro sanda ta ce, "Kyauta ne ko? Kin kore mini kwastoma biyu."

Na ce, "Na yau kaɗai. Gobe ki zo da kuɗinki."