Kebul Mai Haƙora Tara

Lokacin da aka ɗauke layin waya a Maiduguri ina koyarwa a wata ƙaramar cibiyar koyon kwamfuta a Gomari. An ba mu kyautar tsofaffin kwamfutoci ashirin da allunansu, amma babu kebul ɗin da ke haɗa su. Muka aika wa wani Alhaji mai shago kusa da babbar kasuwa oda: kebul ashirin, mai shuɗin kai, haƙora goma sha biyar a layi uku. Bayan kwana biyu mai Keke Napep ya sauke mana kwali.

Ina buɗewa na ga kebul mai haƙora tara a layi biyu. Girman kan ɗaya ne, amma ko ka danna da ƙarfin tsiya ba zai shiga ba, sai dai ka lanƙwasa haƙoran. Ni mutum ne mai saurin hawa. Na zauna na buga wa Alhaji wasiƙa da Hausa, har na tambaye shi ko ƙirga tara da sha biyar ma sai an kai mutum makaranta.

Shugabar cibiyar, wata dattijuwa daga kudancin Borno da ta yi shekaru tana aikin akawu, ta karanta ta cire tabarau.

"Malam, wa zai kai kayan?"

"Ni mana, Mama."

"Kai da gemunka, da kwali cike da wayoyi, shingen jami'an tsaro nawa ne daga nan zuwa kasuwa? Ba Alhaji ne zai fara karanta takardar nan ba, ɗana. Mai bindiga ne."

A wancan lokacin wayar lantarki a hannun saurayi abin zargi ce, don da ita ake haɗa abin fashewa. In aka tsayar da ni kuma, ba layin da zan kira wani ya shaide ni.

Ta sa na sake rubutawa a takarda mai sunan cibiya, Turanci a sama, Hausa a ƙasa. Na faɗi ko ni wane ne, me ke cikin kwalin, guda nawa ne, me muka nema, me aka kawo, da cewa a musanya mana. Zagin duk ya fita, abin ya ɗan yi mini ciwo don na ji daɗin rubuta shi. Ta sa hannu, ta buga hatimi, ta maƙala rasit. Ta hana ni rufe kwalin da salatif.

Masu Keke biyu sun leƙa kwalin sun ja abinsu. Na uku ya ɗauke ni. A shinge na biyu aka ce mu sauka mu ɗaga hannu. Wani jami'i ya tura kwalin da bakin takalmi, ya ce na wane ne. Na ce nawa ne, na nuna masa aljihun gaban rigata da haɓa, don ban isa in sauke hannu ba. Ya zaro takardar ya karanta, ya sa ni na zazzage kebul ɗin a ƙasa na ƙirga masa, ya ɗauki ɗaya ya duba haƙoran. Na ji tsoro sosai, ba zan ɓoye ba. Sannan ya ce in kwashe in tafi.

Na sami Alhaji shi kaɗai a shago, dattijo ne mai furfura.

"Wushe, Malam, lale. Lafiya dai?"

Na miƙa masa wasiƙar. Ya karanta Hausar a hankali, ya riƙe kebul ɗin nesa da ido, yana neman haƙoran.

"Wallahi ban san su ba, Malam. Ni kayan lantarki na sani. Ƙanena ne mai wannan ɓangaren. Shiga ka zaɓa da kanka."

Na shiga na tarar da irin kebul ɗin da muke nema a saman kanta, cikin ƙura. Ina ƙirgawa na tambaye shi ko ƙanen ya yi tafiya ne.

"Wata huɗu ke nan. Ya ɗauki naɗin wayar lantarki zai kai wa wani a Maisandari. Ba mu sake ganinsa ba."

Na ce Allah Ya bayyana shi. Ya ce amin. Ya rubuta mini sabon rasit, ya mayar mini da wasiƙar don hanyar komawa, amma bai saki gefenta ba. Yana ta kallon hatimin.

"Da wannan ka wuce su?"

Na ce e.

"Shi ko rasit ban ba shi ba," in ji shi. "Na ce ai nan da nan ne."