Kwalin Sabon Keken Tela

Shekara talatin tela yana taka keken ɗinki, har gwiwa ta ce ba ta san zancen ba. Ya sayi na lantarki ta intanet, yana jonawa sai hayaƙi. Ya rubuta saƙon da zai aika wa masu shagon, zagi zalla.

Matarsa ta goge. "Malam, zagi ba ya dawo da kuɗi." Ta sa lambar oda, rasit da hoton ƙunar, ta ba su mako biyu.

Suka amsa: za su biya, amma sai keken ya koma cikin kwalinsa na asali.

Tela ya dubi bango. Ga kwalin can a rataye, tuni ya yayyanka shi ya fitar da samfurin wuyan riga, yadda ya saba.

Ya jawo tsohon keken, ya ɗora ƙafa.