Takalman da Ba a Zo Karɓa ba

Rumfar dukanci da na gada a Tambuwal tana da ƙa'ida guda wadda mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya fi riƙewa bisa kowace: ba a taɓa kuɗin mutum sai takalmi ya hau ƙafarsa. Mutum ya zo, a gwada ƙafarsa da sillen kara, a yi masa alama, a sa masa rana. In ranar ta yi ya sa, ya taka, ya biya. A ganinmu neman kuɗi kafin aiki ɗabi'ar wanda bai amince da hannunsa ba ce, kuma gidanmu bai taɓa rasa wannan amincewa ba.

Abin da zan faɗa ya faru a shekarar da ta bi ta samun mulkin kai. A lokacin mahaifina ya yi shekara biyu da rasuwa, jarin da ya bar mini kuwa bai wuce abin sayen ƙirgi da jar fata na wata ɗaya ba. Haka sana'ar take juyawa: in sayi fata, in ɗinka, in kai, in karɓi kuɗi, in koma wurin majemi. Idan ɗaya ya tsaya, duka sun tsaya.

Da rani akwai wani ardo da ke saukowa da jama'arsa su kafa ruga kusa da Kebbe saboda ruwan shanu. Abokin cinikin mahaifina ne. Kafin su tashi sukan yi takalman tafiya, masu kaurin ƙasa, waɗanda ƙaya ba ta hudawa. A wannan shekara na same shi a kasuwar Kebbe, ya sa na gwada ƙafar mutum goma sha tara.

"Kaɗo," in ji shi, don da wannan sunan tsokana da Fulani ke yi wa Bahaushe yake kirana, "ka yi su kamar na tsohonka. In suka tsinke a hanya, da su zan zo in yi maka bulala."

Na ce, "Baffa, ƙafar da ta saba da ƙaya, takalmina ne zai ji tsoronta."

Muka yi dariya, muka sa mako uku. Ban karɓi ko kwabo ba, bai kuma ba ni ba, domin babu wanda ya yi tunanin hakan a cikinmu. Na dawo na zuba kusan dukan jarina a fata.

Ranar da na ɗaure takalman a bayan keke na isa Kebbe, sai na tarar da rugar babu kowa. Toka ce kawai da turaku da kashin shanu. Wata mai tallar nono daga wata rugar ta gaya mini an yi ruwan farko a arewa, labari ya iso, sun kora tun kwana biyar da suka wuce. Na tsaya ina duban fili kamar wanda zai iya kiran su da ido.

Wanda bai yi sana'ar hannu ba zai ce ai kayana suna hannuna, ban yi asara ba. Amma takalmin da aka yanka wa ƙafar makiyayi ba ya shiga ƙafar ɗan gari, kuma ɗan gari ba ya son nauyinsa. Na zaga da su Kebbe, na kai su Dogon Daji, na kai su Jabo. Duk wanda ya ɗaga ya gane kaya ne da suka rasa mai su, sai ya taya rabin kuɗi yana kallon gefe. Na sayar da shida a kan faɗuwa. Sauran suka zauna a kwando, damina ta shigo, suka fara fumfuna. Kullum da safe nakan fito da su in goge, in shanya, in mayar. Ba na iya zama a rumfa, ba na iya zama a gida. Matata ta ce na koma kamar akuyar da aka ɗaure kusa da gona.

Ga babbar salla tana matsowa, lokacin da baduku ke yin cinikin shekara. Mutane suna zuwa ana gwada ƙafa, ni kuwa ba ni da fatar da zan yanka. Na tafi wurin majemin da mahaifina ya yi shekaru yana ciniki da shi, dattijo mai jan hannu saboda bagaruwa. Na roƙi ya ba ni fata in biya bayan salla.

Ya ce, "Ɗana, da can nikan yi haka. Yanzu wakilan kamfani na biyan ɗanyar fata kuɗi hannu, mahauta sun daina ba ni sai da kuɗi. In na ba ka bashi, da mi zan cika kwatarniya?"

Na ce, "Baba, to rumfar tsohona ta rufe ke nan a ganin idonka?"

"Kai za ka rufe ta. Mutum nawa suka gwada ƙafa wajenka makon nan?"

"Sun fi goma."

"To ga jarinka nan yana yawo a aljihun mutane. Karɓi kafin alƙalami, kamar yadda tela ke yi."

Na ce masa gidanmu ba a yin haka. Ya dube ni, ya ci gaba da kankare fatarsa, ya ce zai ajiye mini ƙirgi biyu zuwa kasuwa mai zuwa, in ban zo da kuɗi ba, su zama na wani.

Kwana uku na yi ina kai da kawo tsakanin rumfa da ƙofar majemi ba tare da na shiga ba. A na huɗu na yanke shawara cikin fushi, kuma fushi ya sa na zarce wuri. Na ce duk mai son takalmi ya biya duka tun ranar gwaji.

Wani malamin makaranta, wanda ya daɗe yana sayen takalmi wajenmu, ya cire ƙafarsa daga kan karan gwaji.

"In biya abin da ban gani ba? Malam baduku, ko gwamnati sai na yi mata aikin wata take ba ni albashi. Ka fi gwamnati ne?"

Ya tafi wata rumfar. Wajen rabin masu zuwa haka suka yi. Amma na lura da wani abu da ban taɓa sani ba: cikin waɗanda suka biya, babu ko ɗaya da ya fasa. Da can a kowace salla sai an sami uku ko huɗu da suka yi shiru, wani ya sami na kasuwa mai araha, wani an yi masa canjin wurin aiki, wani kuɗin ya tafi ga rago. Yanzu kuwa su ne ke sintiri a rumfata tun ranar ba ta yi ba. Na karɓi ƙirgin nan biyu, na fara yanka.

Sai dai kuɗin da aka biya kafin aiki yana da nasa nauyin. Yana aljihuna amma ba nawa ba ne. In na sayi hatsi da shi, na ci takalmin wani. Da ruwa ya hana fata bushewa na makara da kwana biyu, wani akawu ya tsaya a bakin rumfa yana neman in mayar masa da kuɗinsa, kuɗin kuwa sun riga sun zama fata. A da ni nake jiran mutane, yanzu su suke bina. Hankalina bai kwanta ba ta kowace fuska.

Bayan salla na sassauta. Na tsayar da cewa a ba da kuɗin fata ranar gwaji, ladan ɗinki kuwa sai takalmi ya hau ƙafa. In mutum ya fasa, wahalata ce ta tafi, jarina yana nan. In ni na saɓa, abin da zan mayar bai fi ƙarfina ba. Wasu daga cikin waɗanda suka gudu suka dawo. Rumfa ta tsaya da ƙafarta, amma da ƙyar, domin ramin da takalman ardo suka bari bai cike ba.

Da rani ya kewayo, na sami ardo a kasuwar Kebbe, zaune a inda ya saba. Ya tarbe ni da fara'a, ya sa aka kawo mini fura. Na jira ya ambaci abin da ya faru, bai ambata ba. Da na taɓo maganar sai ya yi mamaki na gaskiya.

"Kaɗo, ai ban karɓi komai naka ba. Takalmanka suna hannunka, shanuna suna hannuna. Ruwa ya kira mu, muka tafi. Wa aka zalunta?"

A nan na gane ba mugunta ba ce. Wanda bai ajiye komai ba, in ya tashi, ba ya jin ya bar komai a baya.

Ya ce bana mutum ashirin da biyu ne. Wannan ciniki shi kaɗai zai iya cike ramin, shi kaɗai kuma zai iya rufe rumfar in aka sake irin ta bara. Na san cewa neman kuɗi a gaba daga irin wannan dattijo daidai yake da ce masa maganarsa ba ta isa ba. Na san kuma makiyayi ba ya yawo da kuɗi, sai ya sayar da dabba, abin da ba ya yi sai dole. Na ajiye ƙwaryar fura, na faɗa.

"Baffa, bana sai an ba da kuɗin fata kafin in yanka. Sauran in na kawo."

Ya jawo sandarsa kusa, ya ce:

"Tsohonka bai taɓa ce mini haka ba."

"Bai taɓa ba."

Ya miƙe, ya yi mini sallama irin ta baƙo, ya tafi. Na hau keke na koma Tambuwal ina tuhumar kaina a kowane gangare. Makon nan ban yanka fata mai kyau ko ɗaya ba.

A kasuwa ta gaba ban gan shi ba. Da la'asar, ina haɗa kayana, sai uwargidansa ta sauke ƙwaryar nono a gabana, ta ajiye ƙullin tsumma da damin sillen kara, kowane da alamar mai shi. Ta ce an sayar da tunkiya, ta ɗauki ƙwaryarta ta wuce. Na kwance ƙullin, kuɗin fata ne cif.

A shekarar ma ruwa ya yi saurin sauka, amma sai da suka aiko mini, suka jira ni kwana biyu da shanunsu a shirye don tafiya. Na kai takalma, aka sa, aka taka, aka cika mini ladana. Rumfa ta tsira, na yi shekara talatin da wani abu a cikinta bayan haka, kuma kowane rani jama'arsa suna aiko da kuɗin fata ba tare da an tambaya ba. Shi kuwa ardo, har ya bar duniya bai ƙara kirana Kaɗo ba. In mun haɗu sai ya ce, "Malam baduku, ina gajiya," in amsa, kowa ya kama hanyarsa.